Jikin yaro ya yi zafi: daga ina zazzaɓi yake tasowa, kuma yaushe ya zama na asibiti?

Yawanci da dare abin yake tsananta. Yaro ya wuni yana ƙananan rigingimu, ya ture kokonsa da safe, bai taɓa tuwon dare ba, can wajen ƙarfe goma uwa ta kai hannu goshinsa ta ji kamar an sauke tukunya daga wuta. A kowane gida a Aboabo, Asawase ko Sabon Zangon Kumasi tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: a ba shi magani a jira gari ya waye, ko a fita neman mota yanzu?

Yawan zafin shi kaɗai ba ya amsa wannan tambaya. Akwai yaron da awonsa zai kai digiri 39.5 amma mura ce kawai, kwana uku ya miƙe. Akwai jaririn da zai tsaya a 38, jikinsa ɗan ɗumi ne kawai a hannu, alhali ƙwayar cuta ta riga ta shiga jininsa. Abubuwa uku ne suke raba su: shekarun yaron, yadda yake a ido, da kuma gaskiyar cewa muna zaune ne a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro bai taɓa yin hutu ba. Amma kafin a je nan, yana da kyau a san abin da ke faruwa a cikin jikin, domin yawancin kurakuran da ake yi a gida daga rashin sanin wannan suke fitowa.

Jiki da kansa yake hura wutar

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe da likitoci ke kira haifotalamus. Cikin ayyukansa har da tsare ɗumin jiki a kusa da digiri 37. In rana ta yi zafi, shi ne yake sa zufa ta karyo, hanyoyin jinin da ke fata su buɗe, zafi ya fita. In hunturu ya kama, shi ne yake sa su tsuke, mutum ya takure. Kamar yana riƙe da lamba ɗaya ne, kullum yana ja jiki ya koma kanta.

Idan ƙwayar cuta ta shiga, ko bairos ce, ko bakteriya, ko ƙwayar maleriya, fararen ƙwayoyin jini da ke gadin jiki sukan gane baƙuwa ce. Sai su saki wasu sinadaran aike da ake kira saitokin, waɗanda jini ke kwasa har zuwa ƙwaƙwalwa. Isarsu can yakan sa a ƙera wani sinadari, furostagilandin, wanda shi ne yake taɓa haifotalamus ya ɗaga lambar da yake riƙe da ita, daga 37 zuwa, a ce, 39. Daga wannan lokacin ƙwaƙwalwa tana ganin jikin da ke 37 a matsayin jikin da ya yi sanyi da digiri biyu, sai ta shiga aikin ɗumama shi. Hanyoyin jinin fata su tsuke don kada zafi ya tsere, shi ya sa za a ji tafin hannu da ƙafar yaro da sanyi alhali ƙirjinsa da cikinsa suna ƙuna. Tsikar jiki ta tashi. Tsoka ta kama karkarwa, domin motsin tsoka wuta yake samarwa. Wannan ita ce rawar sanyin da ke sa yaro neman bargo ana tsakiyar zafin watan Maris.

Idan lambar ta sauko, ko don magani ko don jiki ya fara cin galaba, sai komai ya juya. Yanzu jikin ya fi abin da ƙwaƙwalwa ke so zafi, sai zufa ta keto, fata ta yi ɗumi ko'ina, yaro ya ture mayafi. Iyayenmu mata kan ce zazzaɓin ya karye, kuma sun yi daidai a kan wannan zagayen. Sai dai karyewar zagaye ɗaya ba ta nufin cutar ta tafi.

Jiki yana yin haka ne da dalili. Ƙwayoyin cuta da yawa ba sa yaɗuwa da kyau a cikin zafi, kuma mayaƙan jiki sun fi kuzari in ɗumi ya ɗan hau. Amma akwai kuɗin da ake biya. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana ƙara bugun zuciya da kusan goma a minti, numfashi yana ƙara sauri, ruwa yana fita ta fata da ta numfashi, jiki yana ƙone abinci fiye da kullum a daidai lokacin da yaro ya ƙi ci. Shi ya sa bushewar jiki ta fi zafin kansa zama barazana ga ƙaramin yaro.

Tsoron da ya fi yawa shi ne cewa zafi zai hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin da cuta ta kawo yana da linzami, ƙwaƙwalwa ce ke jan sa, kuma da wuya ya wuce 41. Inda aka ga yaro ya fito daga zazzaɓi da kurumta ko shanyewar wani sashe, cutar da ke ƙarƙashi ce ta yi ɓarnar, sanƙarau ko maleriyar da ta kai ga ƙwaƙwalwa. Abin da ya bambanta shi ne zafin da ya shigo daga waje, kamar yaron da aka bari cikin rufaffiyar mota da rana. Nan ƙwaƙwalwa ba ta ɗaga komai ba, zafi ne ya fi ƙarfinta. Farasitamol ba ya aiki a kansa, sai a cire yaron, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a ruga asibiti.

Yadda ake awo

Bayan hannu yana iya gaya wa uwa cewa akwai zafi, kuma in uwa ta ce jikin ɗanta ya yi zafi jiya da dare, ma'aikacin lafiya na ƙwarai yakan ɗauki maganarta ko da yanzu ya sauka. Amma hannu ba ya ba da lamba. Ma'aunin zafi mai batir, irin wanda ake samu a shagon magani, ya isa. A share hammatar ta bushe, a sa bakin ma'aunin a can tsakiyarta ya taɓa fata ba riga ba, a riƙe hannun yaron a manne da jikinsa har sai ya yi ƙara. A hammata, 37.5 ko sama da haka zazzaɓi ne a ƙa'idar da asibitocinmu ke bi wajen duba yara. Awon hammata yakan gaza ainihin zafin cikin jiki da kusan rabin digiri, don haka 38 a hammata ba ƙaramin abu ba ne.

Idan jariri ya daɗe a goye cikin rana, ko an naɗe shi da tawul da hula da safa, a kwance kayan a jira minti goma sha biyar zuwa ashirin a sake awo. Zafin tufafi yana sauka. Zazzaɓi ba ya sauka don an cire riga. Kuma a rubuta lambar da lokacin a takarda ko a waya, tare da lokacin da aka ba da magani, domin likita zai tambaya, kuma mutumin da ya kwana bai runtsa ba yakan rikita lissafi.

Jaririn da bai kai wata uku ba

Wannan shi ne wurin da babu jira kuma babu gwada magani a gida. Jaririn da bai cika wata uku ba in awonsa ya kai 38, asibiti ne a wannan daren. Wanda bai kai wata biyu ba, ko 37.5 a hammata ya isa dalili. Garkuwar jikinsa ba ta nuna ba, ba ta iya tsare cuta a wuri ɗaya, sai ƙwayar da ta shiga ta cibiya, ko fata, ko mafitsara ta bazu cikin jini ta kai ƙwaƙwalwa cikin sa'o'i. Kuma jariri ba ya nuna alamun da aka saba gani a manyan yara. Wuyansa ba lallai ya sanƙare ba ko da sanƙarau ne. Abin da za a gani kawai shi ne ya rage kama nono, ya yi laushi, barcinsa ya yi nauyi, ko kukansa ya canja. Wani ma jikinsa sanyi zai yi maimakon zafi. Awon da ya gaza 35.5 a jariri haɗarinsa ɗaya da zazzaɓi.

Kada a ba shi farasitamol a ce a ga yadda zai kwana. Maganin zai sauke lambar, hankali ya kwanta, cutar kuma ta samu daren gaba ɗaya. A asibiti za a iya ɗibar jininsa da fitsarinsa, wani lokaci har ruwan ƙashin baya, a kwantar da shi a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta tun kafin sakamako ya fito. Iyaye da yawa suna jin tsoron ɗibar ruwan bayan nan, amma ita ce hanyar da ake tabbatar da sanƙarau a san maganin da ya dace da tsawon kwanakin da za a yi ana ba da shi.

Abu ɗaya da ke ɗan sassauta wannan doka shi ne allurar rigakafin da ake yi a wurin awo a mako na 6, na 10 da na 14. Takan kawo ɗan zazzaɓi a rana ta farko ko ta biyu. In jaririn yana shan nono sosai, idonsa a buɗe, a bi abin da nas ta faɗa ranar allurar. In ya wuce kwana biyu, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, a daina ɗora wa allura laifi, a kai shi. Tsakanin wata uku da wata shida kuma, 39 ko sama yana buƙatar a gan shi a ranar.

Abin da ido zai duba

Ga yaron da ya wuce wata shida, a ajiye ma'aunin a kalli yaron. Mafi kyawun lokacin kallo shi ne kamar awa ɗaya bayan an ba shi maganin zafi. Yaron da ya tashi zaune, ya nemi ruwa, ya bi 'yan uwansa da ido, ya yi rigima da ƙarfinsa, yana cikin hali mai sauƙi. Wanda ya ci gaba da kwanciya shame-shame, ana tada shi yana komawa, bai damu da wanda ya ɗauke shi ba, wannan ba ya jiran safiya ko da awon ya sauko zuwa 37.8.

Akwai alamu huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba wajen duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kowace ɗaya ita kaɗai ta isa a fita: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa har ruwa, ya yi jijjiga, ko ya yi nauyin barcin da ba a iya tada shi sosai.

Bayan su sai numfashi, wanda shi ne aka fi sakaci da shi alhali ana iya ƙirga shi a gida. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, ba yana kuka ba, a duba agogon waya, a ƙirga ɗagawar ƙirji na minti ɗaya cur. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye sauri ne. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 60. Zazzaɓi da kansa yana ɗan ƙara sauri, don haka in an samu lamba a kan iyaka a sake ƙirgawa bayan zafin ya sauka. In har yanzu tana sama, musamman da tari, ana zargin nimoniya, wato ciwon huhu, kuma tana buƙatar magani a ranar. In kuma ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da yaron ya ja iska, ko yana gurnani a ƙarshen kowane numfashi, ko leɓɓansa da harshensa sun yi duhu, abin ya zama na gaggawa.

Sai a buɗe tafin hannunsa a kwatanta da na uwa, a ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta. In sun yi fari fat, jini ya yi ƙasa, kuma maleriya tana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin ƙaramin yaro cikin kwana biyu ko uku har ya buƙaci ƙarin jini. Fitsari mai launin baƙin shayi da idon da ya yi rawaya irin na shawara duk daga wannan fashewar suke iya fitowa. A duba wuya: yaron da ba ya iya sunkuyar da kai ya kalli cibiyarsa, ko yake ƙara in an taɓa wuyan, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura alhali ba kuka yake ba, sanƙarau ake tsoro. Maɗigar da ta faɗa ciki, da ido da ya zurma, da kuka babu hawaye, da wuce awa takwas babu fitsari, bushewar jiki ce. Akwai kuma wasu ɗigo-ɗigo masu duhu kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, waɗanda ba sa ɓacewa in an danna su da gefen kofin gilashi. A baƙar fata suna da wuyar gani, sai a nema a tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido. Ganinsu tare da zazzaɓi na nufin a tafi nan take.

Yaro mai sikila dokarsa daban ce. A Gana kusan jarirai biyu cikin ɗari ake haifa da ita, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai tun suna sababbin haihuwa a 1995, don haka gidaje da yawa sun san matsayin 'ya'yansu. Saifar irin wannan yaro takan daina aiki tun yana ƙarami, ita kuwa saifa ce ke tace wasu bakteriya masu saurin kisa. Awon 38 a mai sikila asibiti ne a take, komai kyawun da yake da shi a ido. Haka ma yaro mai tamowa, da mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, da wanda ake yi wa maganin daji.

Mu bi wata yarinya daga dare zuwa warkewa

A ɗauka yarinya ce 'yar shekara biyu, a watan Yuni ana tsakiyar damina, katin awonta ya nuna kilo 12. Ƙarfe goma na dare awon hammata ya ba da 39.2. Tana kuka da ƙarfi, ta karɓi ruwa ta sha, ta yi amai sau ɗaya da yamma amma abin da ta sha bayan nan ya zauna. An ƙirga numfashinta 36. Wuyanta yana lanƙwasa, tafin hannunta da ja, ta yi fitsari da magariba. Babu alamar haɗari ko ɗaya, don haka za ta iya kwana a gida, da sharaɗin a riƙa leƙa ta cikin dare, kuma gobe da safe a kai ta gwaji.

Farasitamol da nauyi ake auna shi: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. Kilo 12 sau 15 ya ba da miligiram 180. Ruwan maganin yara da aka fi samu an rubuta 120 mg/5 ml a jikin kwalbarsa, wato kowane mililita 5 yana ɗauke da miligiram 120, don haka rabonta mililita 7.5 ne. A auna da ɗan kofin da ya zo da kwalbar ko da sirinji marar allura, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. A bar aƙalla awa huɗu zuwa shida tsakani, kuma kada a wuce sau huɗu cikin awa 24. A karanta kwalbar kowane lokaci, saboda akwai mai ƙarfin 250 mg/5 ml na manyan yara, wanda in aka ba da shi da awon wancan an ninka maganin. Haka kuma magungunan mura da yawa suna da farasitamol a ciki, sai a haɗa biyu ba a sani ba. Yawansa hanta yake lalatawa, kuma a ranar farko yaron ba ya nuna komai.

Farasitamol yana aiki ne ta rage wancan furostagilandin ɗin a ƙwaƙwalwa, sai lambar ta sauko na 'yan sa'o'i. Ƙwayar cutar ko gezau ba ta yi. Saboda haka manufar ba da shi ita ce yarinyar ta ji sauƙi ta sha ruwa ta yi barci. Saukar digiri ɗaya ma ya wadatar, kuma in tana barcinta lafiya ba sai an tashe ta don magani ba. Ibufurofen ma yana sauke zafi, amma ba a ba jaririn da bai kai wata uku ba, ko yaron da amai da gudawa suka busar, domin yana iya taɓa ƙoda, ko mai ƙarambau. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam har su kai shekara 16, saboda yana iya jawo wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta.

A bar ta da 'yar riga marar nauyi, a buɗe taga, ta kwana cikin gidan sauro. A yawaita ba ta ruwa, nono in tana sha, koko mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan akai-akai. Shafa jiki da tsumma mai ruwan ɗumi-ɗumi babu laifi in tana jin daɗinsa, ko da yake amfaninsa kaɗan ne. Ruwan sanyi na firji kuwa aikin banza ne mai cutarwa: ƙwaƙwalwa tana neman 39, an sanyaya fata, sai ta ƙara tsuke hanyoyin jini ta ƙara karkarwa, zafin ciki ya ƙaru. Kada a shafa mata barasa ko kananzir, fatar yaro tana tsotse su. Kada kuma a yi mata ɗurar citta da barkono ta dubura, ƙuna kawai take yi wa hanji.

Da safe ta tashi da zufa, jikinta ya yi sanyi, har ta ɗan yi wasa. A nan ne gidaje da yawa suke fasa tafiya, kuma a nan ne maleriya take yaudara. Ƙwayar tana girma cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta fasa su ta fito, fashewar ce ke tada zazzaɓi, sannan a samu lafawa kafin zagaye na gaba, alhali yawanta yana ninkuwa. Irin da ta fi yawa a Gana, falsifarum, ita ce mafi haɗari, tana iya kai yaro daga wasa zuwa suma cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka duk yaron da bai kai shekara biyar ba in ya yi zazzaɓi a nan, a gwada jininsa cikin awa 24, ko da yana da mura, ko da haƙori yana fito masa, ko da ya karɓi allurar rigakafin maleriya da Gana ta fara bayarwa a 2019. Allurar tana rage haɗari ne, ba ta kawar da shi. Fitar haƙori kuma ba ta kai yaro 39, kuma an yi asarar yara da dama saboda an ce haƙori ne.

Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin minti 15 zuwa 20, a asibitin unguwa mafi kusa, a tafi da katin inshorar lafiya da katin awo. A ce nata ya nuna akwai. Za a iya ba ta atimita-lumefantirin, ɗaya daga cikin magungunan da hukuma ta amince da su. Ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya ɗaya ce mai 20/120 a kowane sha, sau shida cikin kwana uku. In ta sha na farko ƙarfe goma na safe, na biyu bayan awa takwas ne, ƙarfe shida na yamma, sannan safe da yamma a kwana biyun da suka rage. A ba ta tare da nono, madara ko abinci mai ɗan maiƙo, domin ɗaya daga cikin sinadarai biyun da ke cikin maganin ba ya shiga jini sosai a cikin da babu mai. In ta amayar cikin rabin awa a sake ba ta, a koma a karɓo cikon abin da ya ragu. In ta sake amayarwa, maganin baki ya gaza, sai allura. A rana ta biyu za ta warware, amma dole a ƙarasa duka shidan, domin ƙwayoyin cutar da suka rage su ne suke dawowa bayan mako biyu ko uku.

In gwajin bai nuna maleriya ba, kada a matsa wa ma'aikaci ya ba da maganinta, kada kuma a biya shagon magani a saya. Aikinsa yanzu ya nemo wani dalilin: ya leƙa kunne da maƙogwaro, ya saurari ƙirji, ya gwada fitsari, domin ciwon mafitsara a ƙananan yara, musamman mata, sau da yawa ba ya zuwa da wata alama sai zazzaɓi. Yawanci bairos ce, wadda maganin kashe bakteriya ba ya taɓawa, kuma za ta wuce cikin kwana uku zuwa huɗu. Ko wane ne sakamakon, in zafin bai sauka ba bayan kwana biyu zuwa uku da fara magani, a koma. Zazzaɓin da ya kai kwana biyar yana buƙatar a sake duba yaron daga farko, wanda ya kai mako kuma yana buƙatar bincike mai zurfi, har da na taifot.

In jijjiga ta zo

Tsakanin wata shida da shekara biyar, yara biyu zuwa biyar cikin ɗari sukan yi jijjiga saboda zazzaɓi, sau da yawa a ranar farko, wani lokaci ma kafin a lura jikin ya yi zafi. Ido ya juye, jiki ya sanƙare, hannu da ƙafa su kama fizga. Yawancinta tana tsayawa da kanta cikin minti biyu ko uku, ba ta barin lahani, kuma ba farfaɗiya ba ce. Farasitamol ba ya hana ta zuwa, don haka kada uwa ta zargi kanta.

Abin da ake yi wa yaron a wannan lokacin ya fi jijjigar kanta yawan jawo illa. A kwantar da shi a ƙasa a kan gefensa don yawu da amai su zubo waje, a kawar da abin da zai buge shi, a sassauta wuyan riga, a duba agogo. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba zai haɗiye harshensa ba, haƙora kawai za a karya. Kada a ɗura masa ruwa, manja, rubutu ko jiƙo, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, huhu abin zai tafi. Kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a turara masa hayaƙi, kada a matsa masa albasa ko tafarnuwa a ido. Addu'a ana yin ta a kansa ana tafiya.

In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, a kira lambar gaggawa 112 ko a ɗauki duk motar da ta samu, yana kwance a gefensa a hanya, zuwa asibiti mafi kusa, irin na Manhyia ga mazauna Asawase da Aboabo. In abin ya fi ƙarfinsu za su fara magani su tura shi babban asibitin Komfo Anokye. Ko ta tsaya da kanta ma a kai shi a wannan lokacin, domin daga gida babu mai iya bambanta jijjigar zazzaɓi da farkon sanƙarau, ko maleriyar ƙwaƙwalwa, ko faɗuwar sukarin jini. A can za a soki yatsa a gwada sukari da maleriya, a ga ko ya dawo hayyacinsa cikin awa ɗaya. Wanda bai dawo ba, ko ya sake yi a rana ɗaya, ko gefe ɗaya na jikinsa kawai ya yi fizgar, kwantar da shi za a yi, in kuma maleriya mai tsanani ce a fara masa allurar atesunet ta jijiya.